Kuɗin tallafi a ERP: inda akantocin ƙungiyoyi suka fi yin tuntuɓe

Ƙungiya mai zaman kanta a Jos tana iya samun naira miliyan 40 a banki, amma ba ta da ikon taɓa ko kwabo don biyan hayar ofis. Kuɗin na masu ba da tallafi ne, kowanne da sharaɗinsa: wannan na haƙa rijiyoyin burtsatse a Mangu, wancan na karatun 'yan mata a Bassa. Yawancin kurakuran da ake yi a ERP, manhajar da ke haɗa lissafin kuɗi da sauran ayyukan ƙungiya, daga wuri ɗaya suke tasowa, wato a shigar da kuɗi ko a fitar ba tare da alamar mai shi ba. Zan yi misali da ERPNext, amma mai amfani da Odoo zai gane maganar, domin abin da Analytic Account yake yi ke nan a can.

Kuskuren farko tun ranar kafa manhaja ake tafka shi. Akanta zai buɗe asusun man fetur na tallafin ruwa, ya buɗe wani na tallafin karatu, haka albashi, haka sufuri. Kafin shekara biyu jerin asusun ya kumbura, kuma in shugaban ƙungiya ya tambayi nawa aka kashe a mai gaba ɗaya, sai an koma Excel ana tarawa. Gyaran shi ne a bar asusun mai guda ɗaya, domin asusu yana faɗin abin da aka saya ne kawai. Wanda ya biya kuma a nuna shi da Accounting Dimension, wato alamar da ake sa wa kowane layin shiga ko fitar kuɗi, kowane tallafi da sunansa, a ƙara guda ɗaya na kuɗin ƙungiya marar sharaɗi. Sannan a saka alama a akwatuna biyun nan, Mandatory For Profit and Loss Account da Mandatory For Balance Sheet. Mutane sun fi mantawa da na biyun, alhali shi ne yake tilasta a sa sunan tallafi a layin banki da na bashi da na kuɗin somin-taɓi da aka ba ma'aikaci zai tafi ƙauye. In babu shi, za ka san abin da kowane tallafi ya kashe, amma ba za ka san abin da ya rage masa ba.

Daga nan ake faɗawa cin kuɗin wani ba da sani ba. A ce littafi ya nuna saura miliyan 32 na ruwa, miliyan 14 na karatu. Jimla miliyan 46 ke nan, banki kuwa 40 yake nunawa, kuma babu wani somin-taɓi a hannun ma'aikata. Ke nan an ɗebi miliyan 6 na masu tallafi an yi hidimar ofis da su. Wannan gwaji ba ya cin lokaci: duk ƙarshen wata a buɗe Trial Balance, a tace shi tallafi bayan tallafi, a tara, a gwada da takardar banki. Buɗe wa kowane tallafi asusun banki daban yana taimakawa, wasu masu tallafin ma sukan sa shi a yarjejeniya, sai dai ba ya maganin matsalar, tunda albashi da haraji galibi daga asusu ɗaya ake biyan su.

Haka nan a guji ɗaukar duk kuɗin da ya shigo a matsayin samun wannan shekara ba tare da duba yarjejeniya ba. In an rubuta cewa abin da ba a kashe ba za a mayar, to a zauna da odita tun farko a tsayar da yadda za a riƙa nuna ragowar, ko a matsayin nauyi a kan ƙungiya ko a matsayin asusu mai sharaɗi, a kuma tsaya a kan hanya ɗaya.

Inda aka fi shan wahala shi ne rabon kuɗin da kowa ya amfana da shi: albashin akanta, haya, dizal na janareta, intanet. Abin da ake yawan yi shi ne a ɗora wa tallafin da yake da kuɗi a wannan watan, ko a kwafi kason da aka rubuta a kasafi. Kasafi hasashe ne. Odita yana neman shaidar abin da ya faru, kuma in ya ga kashi 50 cikin 100 daidai wa daida har wata 12, ko watan da ma'aikacin ya tafi hutu, ya san ba a cike takardar lokacin aiki ba.

Ga yadda ya kamata. Akanta tana cin wa ƙungiya naira 600,000 a wata, har da kashi 10 na fansho da dokar 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki. Takardar lokacinta, wadda shugabanta ya sa wa hannu, ta nuna rabin watan a aikin ruwa, kashi 30 a karatu, kashi 20 a harkokin ƙungiya. Rabon zai zama 300,000 da 180,000 da 120,000. Wannan 120,000 ɗin ita ake jin ƙyashin bari a wuyan ƙungiya, sai a tura ta ga mai tallafi, daga baya ya ƙi amincewa ya ce a mayar masa. Haya kuwa ba ta bin lokacin akanta. A zaɓi ma'auni mai hujja, kamar yawan ma'aikata: hayar 200,000 a wata, ma'aikata 10, shida na ruwa, uku na karatu, ɗaya na ofis, sai ta zama 120,000 da 60,000 da 20,000. A rubuta ma'aunin a takardar ƙa'ida, a liƙa lissafin kowane wata a jikin Journal Entry ɗin rabon.

ERPNext yana da Cost Center Allocation mai raba kuɗi da kansa tsakanin Cost Center bisa kason da ka saka. In kowane tallafi yana da Cost Center nasa, ya dace da haya, wadda ma'auninta ba ya yawan canzawa. Ni ba na son a ɗora albashi a kansa, domin kason yana nan daram har sai an shigar da sabo, lokacin aiki kuwa kowane wata da nasa. A kuma lura da cin baki biyu. In yarjejeniya ta ba da wani kaso na hidimar ofis a dunƙule, kamar kashi 15 da dokar tallafin gwamnatin Amurka ta 2 CFR 200 ta yarda da shi tun Oktoba 2024, to abin da aka sa a cikin wannan kason ba a sake caje shi kai tsaye.

Sai rahoton mai tallafi, musamman in da dala ake ba shi. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, farashin canji ya zama abin da yake iya kayar da rahoto shi kaɗai. Misali, kashin farko dala 50,000 an canza a 1,500, ya ba da miliyan 75. Na biyu dala 30,000 a 1,600, miliyan 48. An kashe miliyan 90. In ƙa'idar mai tallafin ita ce a fara cinye kashin farko, miliyan 75 ta tashi dala 50,000, ragowar miliyan 15 kuma dala 9,375, jimla 59,375. Wanda ya raba miliyan 90 da 1,600 kai tsaye zai rubuta 56,250, ya nuna ragowar dala 3,125 da babu ita a banki. Kowane mai tallafi da hanyarsa, wani matsakaicin farashi yake so, wani na wata-wata, don haka yarjejeniya ce alƙali.

Layukan kasafin mai tallafi ba sa zuwa daidai da jerin asusunka, shi ya sa ake gyara rahoto a Excel har ya rabu da littafi. A ƙara Accounting Dimension na biyu don layin kasafi, a saka Budget a kan tallafin, a zaɓi Warn ko Stop don a san za a ƙetare iyaka tun kafin a biya. In an gano baucan da aka ɗora wa tallafin da ba nasa ba, a gyara shi da Journal Entry a cikin manhaja tare da dalili a rubuce, sannan a sake fitar da rahoton daga General Ledger, jimlarsa ta yi daidai da wadda za a aika.