Yadda ake lissafin faɗin rufi mai gangare da adadin kwanon da zai ci

Kuskuren da ya fi yawa wurin masu fara wannan lissafi shi ne su auna tsawon gini da faɗinsa, su ninka, su raba da girman fallen kwano guda, sannan su nufi kasuwa. Kwanon da aka sayo da irin wannan lissafi ba ya kai wa, domin an bar abubuwa uku a baya: rufi yana zarce bango, rufi a karkace yake ba a shimfiɗe ba, kuma kowane falle yana hawa kan ɗan'uwansa ta gefe da ta tsawo. Za mu bi gida guda daga farko har ƙarshe, mai tsawon mita 12 da faɗin mita 8 idan an auna daga bayan bango zuwa bayan bango, wanda za a yi wa rufi mai ɓari biyu, ƙololuwarsa tana bin tsawon ginin.

Da farko a ƙara zarcewar rufi a kan awon ginin. A misalinmu rufin zai fita bayan bango da santimita 60 ta kowace fuska, don haka tsawo ya koma 13.2, faɗi kuma 9.2. Idan aka ninka su za a sami murabba'in mita 121.44, amma wannan faɗin inuwar rufin ne a ƙasa lokacin da rana take tsaka, ba faɗin da kwano zai rufe ba. Ina ba da shawara a sa tef a auna ginin da ke tsaye ko da akwai zane a hannu, domin bulo da filasta da hannun magini sukan sauya awo da 'yan santimitoci, kuma za a ga a gaba cewa santimita 9 kacal na iya jawo sayen ƙarin falle shida.

Sai gangare. Wani zanen yakan rubuta shi da digiri, amma a yawancin gine-ginenmu kafinta da mai gida ne suke tsayar da tsayin katakon tsakiya wanda ƙololuwa za ta zauna a kansa. A ce an tsayar da mita 1.5 daga saman bango. Wannan tashi na 1.5 yana faruwa ne a cikin rabin faɗin ginin, wato mita 4 daga bango zuwa tsakiya, kuma da waɗannan lambobi biyu ake fitar da adadin da za a ninka awon ƙasa da shi don a sami awon gangare:

```
1.5 ÷ 4 = 0.375
√(1 + 0.375 × 0.375) = 1.068
```

Ma'anar 1.068 ita ce, duk mita ɗaya da aka auna a kwance, a kan gangaren ta zama mita ɗaya da kusan santimita 7. Wanda zanensa ya ba shi digiri sai ya raba 1 da `cos` na kusurwar a kalkuletar wayarsa, bayan ya tabbatar tana kan digiri: 15 yana ba da 1.035, 20 yana ba da 1.064, 30 yana ba da 1.155, 45 kuma 1.414. Rufin misalinmu ya ɗan haura digiri 20 kaɗan.

A nan ne na ga mutane da dama suna tuntuɓe, har da waɗanda suka iya lissafi. Sukan ɗauki tashin 1.5 su haɗa shi da 4.6, wato rabin faɗi tare da zarcewa, su fitar da tsawon rafta, katakon da yake saukowa daga ƙololuwa zuwa bakin rufi, da √(1.5 × 1.5 + 4.6 × 4.6), su sami 4.84. Wannan ba daidai ba ne, domin rafta ba ta tsayawa a saman bango. Idan ta wuce shi tana ci gaba da sauka, saboda haka bakin rufin yana ƙasa da saman bango, kuma tashin daga bakin rufi zuwa ƙololuwa ya fi 1.5. Hanyar da ba ta ɓata ita ce a fitar da adadin ninkawa da rabin faɗin gini kawai, sannan a ninka shi da rabin faɗin da ya haɗa da zarcewa. Haka za a sami 4.6 sau 1.068, wato mita 4.91 daga ƙololuwa zuwa baki. Bambancin santimita 7 ne, kuma ga mai yankakken kwano ba zai taɓa gani ba, amma wanda ya ba kamfani odar dogon kwanon almuniyam da gajeren awo zai tarar da kwanonsa bai kai katakon gaba ba, kuma ba a mayar da abin da aka riga aka yanka. Faɗin rufin gaba ɗaya kuwa shi ne 121.44 sau 1.068, wato kusan murabba'in mita 129.7.

Wannan adadi na 129.7 yana da amfani wurin yin ciniki da kafinta, ko wurin sayen rufin da ake sayarwa da murabba'in mita, amma ni ban yarda a ƙirga fallen kwano da shi ba. Dalili zai fito yanzu.

Kafin komai a je wurin mai sayarwa a auna fallen da za a saya, tsawo da faɗi, domin kamfanoni ba awo ɗaya suke yankawa ba, kuma abin da ake kira ƙafa shida a baki wani lokaci yakan gaza idan an ɗora masa tef. A ce fallenmu ya ba da tsawon 1.83 da faɗin 0.76, kuma daga tudu zuwa tudu santimita 7 da rabi ne ko ɗan sama. Ta gefe, ƙa'idata ita ce falle ya hau ɗan'uwansa da tudu ɗaya da rabi, wanda ya kai kimanin santimita 11, don haka abin da kowane falle yake rufewa a zahiri 0.65 ne. Wasu kafintoci sukan hau tudu ɗaya kawai don kwano ya yi auki, mai gida ya ji daɗi ranar biyan kuɗi, amma ruwan farkon damina da yake zuwa da iska yakan kutsa ta irin wannan haɗi, kuma alamarsa ita ce tabon ruwa a silin wanda ya miƙe a layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Ta tsawo kuwa, fallen sama ya hau na ƙasa da santimita 15 a ƙalla a irin wannan gangare. Idan rufin ya fi haka kwanciya, kamar wanda ake ɓoyewa a bayan bango, a kai 20 ko 25, domin ruwan da ba ya gudu da sauri iska tana iya mayar da shi sama ta ƙarƙashin haɗin. Da hawan 15, kowane falle yana rufe 1.68 ta tsawo.

Yanzu a kwatanta. Wanda ya raba 129.7 da cikakken girman falle, 1.83 sau 0.76, zai sami falle 94, ya sayi bandir biyar mai falle ashirin-ashirin yana ganin har da rara. Wanda ya cire hawa ya raba da 1.68 sau 0.65 zai sami 119, ya kusa gaskiya amma bai kai ba, domin rabawa tana ɗauka cewa kowane guntu da ya rage zai sami wurin zama, alhali kwano ba ya haɗuwa daga guntaye. Ƙirgar da ta dace ita ce a fitar da falle nawa ne daga baki zuwa ƙololuwa, da falle nawa ne daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kowanne a cika shi zuwa lamba ta gaba, sannan a ninka.

Daga baki zuwa ƙololuwa muna da 4.91, a ƙara santimita 5 da kwano zai leƙo gaban katako don ruwa ya zuba ba tare da ya jiƙa shi ba, ya zama 4.96. Ana cire hawa ɗaya kafin a raba, domin falle uku haɗi biyu ne a tsakaninsu, ba uku ba:

```
(4.96 − 0.15) ÷ 1.68 = 2.86  →  3
(13.2 − 0.11) ÷ 0.65 = 20.14  →  21
3 × 21 × 2 = 126
```

Falle uku da hawan 15 suna kai wa 5.19, wato akwai rarar santimita 23. Kada a yanke ta. A raba ta a kan haɗin biyu, kowanne ya koma kimanin santimita 26, sai dai dole a gaya wa kafinta tun kafin ya jera katakon da ake buga kwano a kai, domin kowane haɗi sai ya faɗa kan katako ƙusa ta kama fallayen biyu tare. Haɗin da ya rataya tsakanin katako biyu yakan buɗe baki, iska ta riƙa kaɗa shi.

Layi na biyu na lissafin shi ne wurin da ya cancanci a tsaya a yi tunani. Falle ashirin a jere suna rufe 13.11, ginin kuma yana neman 13.2, saura santimita 9. Saboda wannan ɗan guntu ne adadin ya tashi daga 120, bandir shida cif, zuwa 126, wato bandir shida da falle shida, kuma fallen da aka saya a warware yawanci ya fi tsada a kan na cikin bandir. Idan ba a riga an yi aikin katako ba, mafita mai sauƙi ita ce a rage zarcewar rufin ta ƙarshen ginin biyu da santimita 5 kowanne, daga 60 zuwa 55, abin da ido ba zai lura da shi ba. Idan katako ya riga ya hau, za a iya sayen falle biyu ko uku a tsaga su ta tsawo a cike gurbin, muddin kowane tsagi yana da faɗin da zai hau tudu ɗaya da rabi kuma ƙusa ta kama shi da kyau, domin bakin rufi ne iska take fara ɗagawa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a rage hawan gefe ko a tattake kwano a buɗe tudunsa don ya kai. Ko da lissafi ya faɗa kan 120 daidai, a ƙara falle uku ko huɗu, saboda wanda zai lanƙwashe a hanya da kuma ginin da kusurwarsa ba ta miƙe sosai ba, wanda ake ganewa idan aka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ta ɓangarorin biyu aka ga awon ya saɓa.

Murfin ƙololuwa ana ƙirga shi dabam, da tsawo: idan guntayensa ma 1.83 ne kuma suna hawa da 15, mita 13.2 za ta ci guda 8. Mai amfani da dogon kwano ba shi da hawan tsawo, zai ba da awon 4.96 ne kawai, ya tambayi kamfani faɗin da falle yake rufewa bayan an haɗa shi, ba faɗinsa a kwance ba, ya raba 13.2 da shi, ya cika zuwa lamba ta gaba, ya ninka biyu. Rufi mai ɓari huɗu, idan gangarensa ɗaya ne ta kowace fuska, faɗinsa yana nan 129.7 ɗin nan, amma fallayen da suke kan kusurwa ana yanka su a karkace kuma ba duk guntun ne yake komawa wani wuri ba, don haka a zana kowane ɓari a takarda da awonsa, a jera fallayen a kai layi-layi, a ƙirga kowane yankakke a matsayin cikakke.