Babi na Bakwai: Ɗaukar Murya da Bidiyo Idan Wuta Ba Tabbas

Wata rana cikin watan Afrilu na je gidan wani dattijo baduku a nan Sakkwato, don in ɗauki bidiyon yadda yake ɗinka alabe da fatar jan akuya. Na kafa waya, ya fara bayani tun daga jima har rini, yana yi yana nuna mini da basilla. Mun yi wajen minti 40 ban tsayar da ɗauka ko sau ɗaya ba, saboda ba na son in katse shi. Can sai fuskar wayar ta yi baƙi. Caji ya ƙare, ga zafi. Da na koma gida na samu caji, na ga fayil ɗin yana nan da girmansa, amma ya ƙi buɗewa. Na koma wurinsa washegari na ce, "Baba, a yi mini haƙuri, aikin jiya ya lalace." Ya yi haƙurin, ya sake yi, amma bayanin bai kai na jiya daɗi ba. Har yau abin yana yi mini ciwo.

A wannan babi za mu ga dalilin da ya sa fayil ɗin ya ƙi buɗewa, da yadda mutum zai tsara aikinsa har ɗauke wuta ba za ta taɓa shi ba.

Me ya sa bidiyon ya lalace

Yayin da waya take ɗaukar bidiyo, tana zuba hoto da murya cikin memori a hankali a hankali. Amma akwai wani ɗan bayani da ba ta rubuta shi sai lokacin da ka danna tsayawa. Shi ne yake gaya wa na'ura inda kowane hoto da kowace murya suke a cikin fayil ɗin. Kamar mai shago ne da ya jera kaya a sito bai rubuta a littafi ba tukuna. Idan waya ta mutu farat ɗaya kafin ta rubuta wannan bayani, kayan suna ciki, amma babu hanyar gano su. Wasu wayoyi suna rufe fayil da kansu idan caji ya kusa ƙarewa, wasu kuwa, musamman masu tsohon batir da ke faɗowa daga 15 zuwa sifili a lokaci guda, ba sa samun wannan dama.

Maganinsa ba ya cin ko kwabo. Ka riƙa ɗauka guntu-guntu, minti 5 zuwa 10, ka tsayar, ka sake farawa. Idan wani abu ya faru, guntu ɗaya ka rasa. Kafin ku fara ka gaya wa wanda kake ɗauka, "Baba, duk sanda na ɗaga hannu, a ɗan numfasa." Dattawa ba sa ƙin haka, sukan ma sami damar kurɓar ruwa.

Lissafin fawa banki

A jikin kowane fawa banki akwai lamba, misali 10,000 mAh ko 20,000 mAh. A batirin waya ma akwai irinta, wayoyi da yawa na yanzu 5,000 mAh ne. Mutum zai ce to ai 20,000 zai cika wayar 5,000 sau huɗu. Ba haka ba ne. Wajen tura wuta daga fawa banki zuwa waya, wani kaso yana tafiya ya zama zafi, shi ya sa kake jin jikinsu da ɗumi. Abin da ke isa waya kusan kashi biyu ne cikin uku. Saboda haka fawa banki mai kyau na 20,000 zai cika irin wannan wayar sau biyu da rabi, ko uku idan an yi sa'a. In ka ga wanda aka rubuta wa lamba mai girma amma ba shi da nauyi a hannu, kuma kuɗinsa ya yi araha da yawa, ka bar shi a kasuwa. Batir nauyi gare shi.

Sai kuma ka san cin wayarka. Wannan ba a tambayar kowa, gwadawa ake yi. Wata ɗaliba a ajinmu, Malama Asabe, tana ɗinki a Mabera, tana kuma ɗaukar darasin yanka yadi don ɗalibanta. Ta duba cajinta yana 90, ta ɗauki bidiyo na minti 10, ta sake dubawa ya koma 86. Wato 4 a minti 10, 24 ke nan a awa ɗaya. Darasinta da maimaici yakan ci awa biyu, kusan rabin batir. Tace bidiyon da fitar da shi zai ci kusan wani rabin. Da wannan ta gane cewa cikakkiyar waya ɗaya ba ta isar ta aikin yini, sai da fawa banki a gefe.

Akwai wani amfanin fawa banki da mutane ba su cika lura da shi ba. Idan ka jona waya a soket ko a janareta kana ɗauka da makirufo mai igiya, sau da yawa za ka ji wani gurnani, "zuuu", a ƙarƙashin murya. Daga wutar soket yake shigowa ta caja, musamman caja mai araha. Ka cire ta daga bango ka jona fawa banki, yawanci gurnanin zai ɓace. Ka sa abin ji a kunne ka saurari gwajin minti ɗaya kafin ka fara na gaske.

Amma mu a Sakkwato muna da abokin gaba na biyu bayan rashin wuta, shi ne zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Ɗaukar bidiyo tana sa waya ɗumi, caji ma yana sa ta ɗumi, in ka haɗa biyun da rana tsaka wayar za ta iya rufe kyamara da kanta. Don haka ka cika waya tun da dare, ka cire mata riga, ka yi ɗauka da hantsi ko bayan la'asar, a inuwa. Ba sai ka jona fawa banki tun farko ba, ka bari sai caji ya sauko wajen 40, ko ka yi cajin a lokacin hutu. Kada ka bar fawa banki a cikin mota ko ƙarƙashin kujerar babur a rana. Wanda ya kumbura kuwa ya gama aiki, haɗari ne, kada a sake jona shi.

Kafin ka danna ɗauka, ka kunna Airplane mode. Kira ba zai katse ka ba, kuma waya ba za ta ɓata caji wajen neman sabis ba.

Fitila

Idan kana ɗauka da ƙwan ɗaki aka ɗauke wuta, rabin bidiyonka haske, rabi duhu, kuma ba mai tacewar da zai daidaita su. Shi ya sa ko da akwai wuta, ka kashe ƙwan ɗaki ka yi aiki da fitila mai caji tun daga farko. Da rana kuwa taga ta fi kowace fitila: mai magana ya fuskanci taga, kai ka ba ta baya.

Fitilar caji tana da hali ɗaya. Yawancin masu araha haskensu yana raguwa sannu a hankali yayin da batir ke sauka, idonka ba zai lura ba, sai ka zo haɗa guntun farko da na ƙarshe ka ga ɗaya fari ɗaya dishi-dishi. Fitilar da ake jonawa a fawa banki ta fi riƙe haske daidai, domin fawa banki yana ba da wuta iri ɗaya har ya ƙare. Mai cin wat 10 za ta yi wajen awa biyar a kan mai 20,000. In ka ga ratsi-ratsi suna yawo a fuskar waya bayan ka rage hasken fitila, ka mayar da ita cikakken haske ka matsar da ita baya. In hasken ya yi kaifi a fuska, ka haska shi a farin bango ya dawo kan mutum. Kada ka jona fitila da waya a fawa banki ɗaya in kana da hali, don kada su mutu tare.

Adana aiki

Da ka gama ɗauka, kafin ka fara tacewa, ka kwafi fayilolin zuwa wuri na biyu: memori, filas ko kwamfuta. Kwafa na ce, ba kwashewa ba. A kan na'ura ka zaɓi Copy, kada ka zaɓi Move ko Cut, domin na asali ya zauna inda yake har ka buɗe kwafin ka ga yana tafiya daga farko zuwa ƙarshe. Kada ka zare filas yana cikin kwafa, ka danna Eject tukuna. Tura wa kanka bidiyo ta WhatsApp ba ajiya ba ce mai kyau, saboda yakan matse shi ya rage masa kyau, sai dai in ka tura shi a matsayin Document.

Ka kuma duba wurin da ya rage a waya. Bidiyon 1080p yakan ci kusan 1 GB a minti takwas zuwa goma. Awa biyun Malama Asabe tana buƙatar wajen 15 GB a sarari.

Wajen tacewa a kwamfuta, ka saba wa yatsunka da danna Ctrl+S don adana aiki bayan kowane yanka mai muhimmanci. Idan manhajar tana da Autosave, wato adana aiki da kanta, ka kunna shi, amma kada ka dogara da shi kaɗai. Kuma kada ka riƙa adanawa a kan suna ɗaya kullum, domin in wuta ta ɗauke daidai lokacin da ake rubuta fayil, shi kansa zai iya lalacewa. Ka riƙa canza lamba:

```
yanka-riga-01
yanka-riga-02
yanka-riga-03
```

In na uku ya ƙi buɗewa, na biyu yana nan. A nan mutane da yawa sukan yi kuskure ɗaya: fayil ɗin tacewa ba bidiyon ba ne, bayanin inda aka yanka ne kawai. Idan ka goge bidiyon asali don samun wuri, aikin tacewar ma ya tafi.

Kwamfutar tebur tana mutuwa nan take in an ɗauke wuta, sai in tana da UPS, wato akwatin batir da ke riƙe mata wuta, shi ma 'yan mintoci yake ba ka, na adanawa da kashewa ne kawai. Laftof mai batir mai rai ta fi dacewa da mu. Fawa bankin waya na yau da kullum ba ya cajin laftof, sai wanda aka rubuta wa PD 45W ko 65W, kuma laftof ɗin ta kasance mai karɓar caji ta USB-C.

Mataki na ƙarshe, wato Export, fitar da bidiyon da aka gama tacewa, shi ya fi cin batir, kuma in ya katse sai an sake daga farko. Kada ka fara shi da caji ƙasa da rabi. Malama Asabe takan bar nata sai bayan isha, lokacin da gari ya ɗan yi sanyi, ta jona fawa banki ta ajiye wayar a kan siminti.

Aikin gida

1. Ka ɗauki bidiyo na minti 10. Ka rubuta lambar caji kafin ka fara da bayan ka gama, ka lissafa nawa wayarka take ci a awa ɗaya.
2. Ka karanta lambar da ke jikin fawa bankinka da ta batirin wayarka. Sau nawa zai cika ta? Ka gwada ka ga ko lissafin ya fita.
3. Ka kwafi bidiyo ɗaya zuwa memori, ka buɗe shi daga can, ka zo da shi aji mako mai zuwa.