Kafin ku zaɓi manhajar cire tebur daga PDF

Jama'a, musamman masu shigar da bayanai a ofisoshin Katsina, kada ku yanke hukunci da kallon ido. Ku ɗauki takardu biyar, ku rubuta teburinsu da hannu, sannan ku gwada manhajojin Tabula da Camelot a kansu. A kowane gurbi ku duba: abin ciki daidai ne, kuma yana layinsa da ginshiƙinsa? Idan gurabe 200 ne, 170 suka dace, an samu kashi 85 cikin ɗari.

Ku lura da gurbin da aka haɗe biyu. Shi kaɗai kan ture layi gaba ɗaya gefe, lambobi duk daidai amma a gurbin maƙwabci. Wannan kuskure ne, ku ƙirga shi. Takardar da aka yi wa sikan kuwa, manhajojin biyu ba sa karanta ta.