Yadda ake yi wa abokin ciniki barka da ƙarin girma ba tare da ya ji ƙamshin talla ba

A ce kana sayar wa wata ma'aikatar tarayya kayan ofis, sai Hajiyar da ke duba takardunka ta tashi daga mataimakiyar darakta, mataki na 16, ta zama darakta a mataki na 17. Ranar wayarta ba za ta huta ba, kuma ta san wasu masu barkan kwangila suke hange.

Da farko ka tabbatar takarda ta fito. Wanda ya yi barka a kan jita-jita ya nuna yana bibiyar kujerar ne. In ta tabbata, ka aika saƙo cikin kwana biyu, ta hanyar da kuka saba magana.

Sai abin da za ka rubuta. Bambancin yabo da bambaɗanci shi ne, bambaɗanci ya dace da kowa. "Ba a taɓa yin kamarki ba" ko sabon darakta na ko'ina za a iya gaya masa. Ka nemo abu ɗaya da ka gani da idonka a aikinta, ka tsaya a kansa:

"Ranki ya daɗe, barka da ƙarin girma. Ban yi mamaki ba, don na tuna yadda kika tsaya aka sake ƙirga kayan nan na bara kafin ki sa hannu. Allah ya sanya alheri, ya taya ki riƙo."

Lura, misalin ma ba wanda ya amfane ka ba ne, ranar kai ta ɓata wa lokaci. Shi ya sa za ta yarda da shi. Da ka ce "yadda kike biyan mu da wuri", ka fara roƙo ke nan.

Yanzu ka sake karantawa, ka goge duk abin da ke neman amsa: "a tuna da mu", "sai mun zo", "muna da sababbin kujeru". Ko da wasa ka faɗa, ta fahimta. Kada ka haɗa da hoton kaya ko jerin farashi.

Kyauta kuma, a bar ta. Jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati karɓar kyauta daga ɗan kwangila, don haka ragonka matsala zai jawo mata.

In ta amsa da "na gode", ka ce "amin, Allah ya ƙara ɗaukaka", ka yi shiru. Maganar ciniki ta jira mako uku ko huɗu, a saƙo dabam, kuma ka fara da tambayar wa ke riƙe da tsohon teburinta, don mai yiwuwa yanzu shi ne zai riƙa duba takardunka.