Darasi na Shida: Auna Ajiyarka da Mudu

Mu ɗauki misalin wata mai ƙosai. Ta yi ta tari a asusu har ta haɗa naira 100,000, ta ƙulle a ƙasan akwati don gudun ɓacin rana. A ce ranar da ta ƙulle kuɗin, mudun wake naira 1,000 ne. Ke nan kuɗinta na mudu 100 ne.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa a watan Disambar 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ma'anarsa, abin da aka saya naira 100 a Disambar 2023, a Disambar 2024 sai an ba da kusan 135. Idan wake ya bi wannan lissafi, bayan shekara mudu ya koma naira 1,350. Ta buɗe akwati, ta ƙirga, kuɗi suna nan cif, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Amma da ta je kasuwa, mudu 74 aka auna mata. Mudu 26 sun tafi, alhali ɓarawo bai shiga ɗakinta ba. Abin da ya fi ba ni tausayi, gumin shekara ne a bakin wuta da hayaƙi.

Kuɗi suna rage daraja idan sun fi kayan da ke kasuwa yawa, ko idan kawo kayan ya yi tsada. Mun gani a 2023: an cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu, a watan Yuni aka saki naira ta faɗi a gaban dala, kuɗin mota ya tashi, komai ya bi shi.

Banki yana tsare kuɗi daga ɓarawo da gobara da gara, amma bai cika tsare darajarsu ba. Ko da za a ƙara mata kashi 8 cikin ɗari, naira 108,000 mudu 80 kawai za su saya, ga shi kuma da yawanmu ba ma karɓar kuɗin ruwa. Adashi ma haka: mai kwasar farko ya sayi kaya da tsohon farashi, mai kwasar ƙarshe ya tarar an ƙara.

Ita mai ƙosai, a ganina, waken da kansa ya fi mata. Ta saya da kaka, lokacin da yake araha, tunda ko ba ta sayar ba za ta soya. Matsalar ita ce ƙwari, kuma maganinsu buhun nan mai hawa uku da aka rubuta wa PICS: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje. A fara shanya waken ya bushe ƙayau. Idan aka ciza ƙwaya ɗaya a ji ta fashe ƙaras. A duba ledojin ko da huji. A zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, sannan buhun. Ƙwarin suna mutuwa ne saboda rashin iska, ba sai an sa magani ba. A ɗora buhun a kan katako, nesa da bango, domin ɓera na huda shi aiki ya ɓaci. Kada a riƙa buɗewa ana leƙawa.

Sai dai hatsi ba kullum yake tashi ba. A 2025 farashinsa ya sauko, waɗanda suka saya da tsada suka jibge suka tafka asara. Don haka a sayi abin da gida ko sana'a za su ci, kada a zuba duk abin da aka mallaka. Kashi ɗaya ya zauna tsaba, saboda ciwon dare.

Mai ajiyar shekaru yana iya sayen zinari, amma ya sani ranar sayarwa ba a mayar da kuɗin ƙira, don haka a wata shida bai cika fitar da kansa ba. Ya karɓi rasit mai nuna nauyi da karat. Akwai kuma sukuk na Gwamnatin Tarayya, wato takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci, wanda aka fara a 2017 don gina hanyoyi. Kuɗin haya ake biya sau biyu a shekara, ba ruwa ba, kuma ana shiga da naira 10,000 ta banki ko dillalin hannun jari mai rajista. Wanda aka fitar a 2023 yana biyan kashi 15.75 a shekara. Da mai ƙosai ta sa kuɗinta a nan, da ta tashi da abin sayen mudu 85. An rage asara, ba a kau da ita ba.

Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi a wata guda, tuna da MMM, shirin nan na ninka kuɗi ta intanet, wanda ya rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016.

Aiki: Rubuta farashin mudun masara bara da na bana a kasuwarku. Raba naira 50,000 da kowanne. Mudu nawa ne bambancin?