Kalkuleta Ya Ba Ka Lambobi Goma, Nawa Ne Naka?

Mai duba rahoton gwaji kan gane ɗalibin da bai fahimci awonsa ba tun daga layin amsa, inda zai tarar da jerin lambobi kamar 2.620487805. Bari mu bi gwaji ɗaya mu ga inda ake tuntuɓe. Ana neman dansitin guntun alminiyam, wato nauyinsa a raba da girman wurin da ya cike.

Sikeli ya nuna giram 53.72, kuma shakkun da ke kansa bai wuce giram 0.01 ba. Sai aka zuba ruwa a silindar awo mai zane a kowace mililita, ya tsaya a 50.0, aka jefa ƙarfen ya hau zuwa 70.5. A irin wannan silinda ido kan iya kaucewa da rabin zane, wato 0.5. Wannan sifili na 50.0 ba ado ba ne, shaida ce cewa an duba har bayan ɗigo, don haka kada a yar da shi. Sifilin da ke gaba kuwa, kamar na lita 0.0205, wuri kawai yake riƙewa. Lambobi masu ma'ana, wato waɗanda awo ya bayar da gaske, a nan uku ne.

Kuskuren farko a wurin ɗebewa yake. Girman ƙarfen mililita 20.5 ne, amma da yawa sai su bar shakkun a 0.5, wasu ma su ɗebe 0.5 daga 0.5 su ce babu shakku. Sau biyu aka karanta silindar, kuma kowane karatu na iya kaucewa ta nasa ɓangaren, saboda haka a tarawa ko ɗebewa haɗa shakkun ake yi: 20.5 ± 1.0. Akwai hanyar da ke ninka kowanne da kansa, a tara, a ɗauki tushe, ta ba da kusan 0.7, amma mu tsaya a kan mai sauƙin. Ɗebewa tana da ɓarna. Da guntun ƙarami ne, ruwan ya tsaya a 52.0, da an sami 2.0 ± 1.0, rabin amsar ke nan ya zama shakku.

Yanzu rabawa. 53.72 a raba da 20.5 shi ya haifi doguwar amsar can. A ninkawa da rabawa, amsa ba ta fin mafi raunin awo yawan lambobi masu ma'ana. Nauyi na da huɗu, girma na da uku, don haka 2.62 za a rubuta.

Shakkun fa? A nan ne ake ganin an tara 0.01 da 1.0 an sami 1.01, alhali giram da mililita ba sa taruwa. Sai an mai da kowanne kaso cikin ɗari. Na nauyi 0.01 bisa 53.72 ne, kusan 0.02%. Na girma 1.0 bisa 20.5, kusan 4.9%. Jimla tana nan a 4.9%, kuma 4.9% na 2.62 shi ne 0.13. Amsar da ta dace ita ce 2.62 ± 0.13 g/cm³, wato giram a kowace mililita, amsa da shakkunta sun tsaya a gurbi ɗaya bayan ɗigo. Wasu malamai sun fi son 2.6 ± 0.1, kuma ba laifi. Wanda ba ya karɓuwa shi ne 2.6205 ± 0.1.

Waɗannan kaso biyu suna nuna inda gyara yake. Wanda ya rubuta cewa a nemo sikelin da ya fi wannan, ya bar jaki yana dukan taiki. Silindar ce matsalar: a sami siririya mai ƙananan zane, ko a yi amfani da guntu babba.

Saura kuskure cikin ɗari, wanda ake yawan rikita shi da shakku. Shakku daga kayan awo yake fitowa, ko da babu amsar da aka sani. Shi kuwa kuskure cikin ɗari tazara ce tsakanin amsarka da wadda aka yarda da ita, a raba da wadda aka yarda da ita ɗin, a ninka da 100. Dansitin alminiyam 2.70 g/cm³ ne, don haka kuskuren ya kama kusan 2.9%. Wanda ya yi gaggawar taƙaita amsarsa zuwa 2.6 kafin wannan lissafi zai sami 3.7%, ya ɗora wa kansa laifin da bai yi ba. A bar lambobin a cikin kalkuleta, a taƙaita sau ɗaya a ƙarshe.

Sai a gwada biyun. Amsarmu ta shimfiɗu daga 2.49 zuwa 2.75, kuma 2.70 na ciki, wato gwajin ya dace da abin da aka sani gwargwadon ƙarfin kayan. Da a ce 2.30 ± 0.13 aka samu, kuskuren ya kusan 15%, ya zarce shakkun nesa, kuma maimaita awo ba lallai ya gyara shi ba. Nan sai a nemi abin da ke jan amsa gefe ɗaya: kumfar iska da ta manne wa ƙarfen ta ƙara masa girma, sikelin da ba a mayar sifili ba, ko karatun farko daga ƙasan lanƙwasar ruwa, na biyu daga samanta.