Kallon Fuska da Murmushin Jariri a Wata Biyu

Iyaye mata, idan kun ga jariri ya ƙura muku ido lokacin shan nono, ku sani cewa sabon haihuwa ba ya gani sosai sai abin da ke nisan santimita 20 zuwa 30, wato daidai tazarar fuskarku da tasa, kuma idanu da bakin da ke motsi sun fi komai jan hankalinsa. Murmushin da yake yi cikin barci a makonnin farko ba martani ba ne. Daga mako 6 zuwa 8, da ganinsa ya ƙara kaifi, yakan gane fuska ya mayar da murmushi, shi ya sa nake ba da shawarar ku yi masa magana a hankali, sannan ku ɗan dakata domin amsarsa takan yi jinkiri. Bakwaini kan makara, amma idan jariri ya cika wata 3 bai fara mayar da murmushi ba, ku kai shi asibiti.